Mutum ɗaya ya fita, saura kwana huɗu

Waɗanda suka ga na yi shiru makon jiya har wasu na tambaya ta akwatin saƙo ko lafiya, to lafiya lau, aikin makaranta ne ya riƙe ni. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda ke sauri ya ajiye sai dare.

Mu biyar aka haɗa rukuni ɗaya a wani darasi da muke ɗauka a Katsina. Ba zan faɗi makarantar ba, ba zan kuma kama sunan kowa ba. Batun da aka ba mu shi ne tasirin rufe iyaka a kan kasuwancin Jibiya da Maraɗi. Ranar da aka raba batutuwa har dariya na yi a raina, na ce wannan ai tuwona maina. Ni da nake Daddara, motar da za ta Magama ta gabanmu take wucewa, kuma lokacin da hanyar nan ta yi tsit ba labari aka ba ni ba. Maki 30 ne a kan aikin, 20 na rubutaccen rahoto, 10 na tsayuwa gaban aji. Minti 20 Malam ya ba kowane rukuni, kuma shi mutum ne da agogo a hannu. Minti 20 na cika zai ce a zauna, ko kana tsakiyar jimla.

Mun raba aikin tun makonni uku kafin ranar. Anti, wadda ita ce shugabarmu, matar aure mai 'ya'ya uku, ta ɗauki buɗewa da bayanin yadda muka tattara bayanai. Ni na ɗauki kashi na biyu, yadda kasuwancin yake kafin a rufe: hanyar da ta taso daga Katsina ta Daddara zuwa Magama, a tsallaka Ɗan Isa a miƙe Maraɗi, da irin kayan da ke shiga da fita. Kashi na uku na abokinmu ne ɗan Maraɗi, wanda ke karatu a nan wurin kawunsa. Shi ya ɗauki rufewar kanta, yaushe aka rufe, yaushe aka buɗe, da yadda abin ya taɓa mutanen can. Na huɗu na ƙaraminmu ne, hirarrakin da ya yi da direbobi da 'yan dako a wannan gefen. Na biyar, shawarwari da rufewa, na mai kwamfuta ne, shi ne kuma ke haɗa shafukan da za a haska a allo. Kowa minti huɗu.

Alhamis za mu gabatar. Daren Lahadi sai ga saƙon murya a WhatsApp daga ɗan Maraɗi. Jikin mahaifinsa ya tashi, an kwantar da shi, shi ne babban ɗa namiji, da asuba zai tsallaka. Ya ce mu yafe shi. Babu wanda ya ga laifinsa, kowa addu'a ya yi masa. Amma gaskiya bayan addu'ar shiru aka yi a zauren kusan awa guda, kowa yana lissafi a ransa.

Abin da muka fara yi ranar Litinin shi ne abin da kusan kowa zai yi, kuma kuskure ne. Shafi shida ne a kashinsa. Muka ce a raba daidai don kada a cuci kowa: Anti ɗaya, ƙaraminmu ɗaya, ni biyu, mai kwamfuta biyu. Muka kuma bar kashin a inda yake, a tsakiya, wato idan an zo kashi na uku sai mu riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya kowa ya karanta shafinsa. A takarda abin ya yi kyau, har Anti ta ce kun ga, minti goma ba mu yi ba mun gama.

Da muka gwada a wani aji da babu kowa, mai kwamfuta ya kunna agogon wayarsa, minti 26 muka ci. Ina minti shidan suka fito alhali ba mu ƙara shafi ko ɗaya ba? Sun fito ne daga abu biyu. Na farko tashi da zama, kowa sai ya yi sallama, ya ce kamar yadda ɗan uwana ya faɗa, ya maimaita rabin abin da aka faɗa kafin ya shiga nasa. Na biyu, wanda bai san abu ba ya fi daɗewa yana bayaninsa. Mai abu jimla biyu zai yi ya wuce, domin ya san wace ce ƙashin maganar. Wanda aka miƙa wa jiya sai ya karanta duk abin da ke allo, ya kuma zagaya. Da haka muka je ranar Alhamis, Malam zai tsayar da mu kafin mai kwamfuta ya buɗe baki, shawarwarin da su ne amfanin aikin su tafi a banza.

Lokaci ma ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce wadda ta fito a shafin Anti. Shafin rufewar 2019 ya faɗo mata, ta karanta cewa an rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, aka buɗe a Disamba 2020. Sai ƙaraminmu ya zo kashinsa, ga direba yana cewa sun kusa shekara uku ba su ga babbar mota ta tsallaka Magama da kaya a kan ƙa'ida ba. Na ce a tsaya. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 shekara ɗaya da wata huɗu ne, ina shekara uku ta fito? Ko dai direban ya ƙara gishiri, ko shafinmu ya yi ƙarya. Ni da nake ɗan yankin na san a jikina direban ne ke da gaskiya, na tuna an daɗe, amma ka ce in kawo wata da shekara, wallahi na kasa. Na ji kunya ba kaɗan ba.

Amsar tana kan ɗan Maraɗi, bai rubuta ta a shafi ba saboda da baki ya yi niyyar faɗinta. Abin da aka buɗe a Disamba 2020 iyakoki huɗu ne kawai, Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Jibiya ba ta ciki. Sai a watan Afrilu 2022 aka buɗe ta tare da Idiroko da Kamba da Ikom. Ka ga aikin da gaba ɗayansa a kan Jibiya yake, saura kaɗan mu tsaya gaban aji mu faɗi ranar buɗewar garin wasu. A nan na gane shafuka shida ɗin ba su ne muka rasa ba, suna nan cikin kwamfuta. Abin da ya tafi Maraɗi shi ne maganar da ke tsakanin shafi da shafi, da amsar tambayoyin da za a yi a kansu.

Daren Litinin ɗin ban yi barcin kirki ba. Kuma ku san halin da muke ciki a nan, ba za ka ce a zauna a Katsina har isha'i ana gwaji ba, dole in kamo hanya da sauran rana. Ke nan zama biyu kawai suka rage mana, Talata da Laraba, kowanne bai fi awa biyu ba bayan an tashi daga aji.

Ranar Talata da safe kafin komai muka je wurin Malam, ni da Anti. Mai kwamfuta ya so a yi shiru sai ranar, wai kada a ce mun zo neman uzuri. Anti ta ce a'a, uzurin da aka kawo ranar gabatarwa shi ake kira ƙarya, wanda aka kawo da kwana biyu labari ne. Tambaya uku muka yi masa: minti 20 ɗin yana nan ko za a rage tunda mun koma huɗu, an yarda mu sauya tsarin da muka miƙa tun farko, sannan yaya makin abokinmu. Ya ce lokaci yana nan, tsari namu ne mu yi yadda muka ga dama in dai batun bai canja ba, maganar maki kuma mu fara kawo masa shaidar abin da yaron ya yi. Minti biyar ba mu yi a ofishinsa ba, amma da ba mu je ba da a kan zato za mu gina sauran aikin.

Sai maganar karɓo abin da ke kan ɗan Maraɗi. Mutum yana jinyar uba, ba za ka ce masa ya zauna ya rubuto maka bayani ba, kuma sai ya samu data yake leƙo waya. Ƙaraminmu ya rubuta masa doguwar wasiƙa, na ce goge. Tambaya biyar gajeru muka tura, kowacce da lambarta, muka ce ya amsa da murya duk lokacin da ya samu sarari, ya kuma ɗauko mana hoton shafukan littafinsa. Tambayoyin ba na ya maimaita abin da ke allo ba ne. Mun tambaye shi me ya yi niyyar faɗa da baki wanda bai rubuta ba, daga ina kowace lamba ta fito, wace tambaya yake tsoron Malam ya yi masa, wane shafi zai yar idan aka ce ya rage, da kuma abin da yake jin za mu fahimta a karkace. Da azahar ya turo saƙonni biyar, duka ba su kai minti tara ba. Allah ya saka masa, a bakin ɗakin majinyata ya yi su, ana jin hayaniya a bayansa.

Ta biyar ɗin ce ta cece mu daga abin dariya. A hirar da ya yi da 'yan kasuwa uku a Maraɗi, ɗaya ya ce a da yana biyan ɗan dako dala ɗari. Ƙaraminmu har ya rubuta dalar Amurka ɗari, yana mamakin arzikin 'yan dakon Maraɗi. To a Nijar idan Bahaushe ya ce dala, sefa biyar yake nufi. Dala ɗari sefa 500 ce, dala ɗari biyu ita ce jaka guda, sefa 1000. Mu na bakin iyaka mun san wannan tun muna yara, amma shi yaron a cikin birni ya tashi, kuma ni ban saurari hirar ba balle in gyara masa. Ya dube ni ya ce, Yaya, da na faɗi wannan gaban aji ai sai in bar makarantar.

Da muka zauna rabo na biyu, ba mu ƙara tambayar shafi nawa kowa zai ɗauka ba. Kowane shafi muka ɗaga muka ce, da kashin wa wannan ya fi kusa, kuma wa zai iya amsa tambaya a kansa ba tare da ya kalli takarda ba? Kashi na uku a matsayinsa na kashi muka rushe shi gaba ɗaya, aikin ya koma kashi huɗu.

Shafukan rufewa guda biyu, na 2019 da na 2023, muka narkar da su suka zama shafi ɗaya mai jerin ranaku, ni na ɗauka, domin daga yadda kasuwa take kafin rufewa zuwa ranar da aka rufe taki ɗaya ne, ba sai wani ya tashi ba. Na zauna na haddace su kamar karatun allo: Agusta 2019 aka rufe, Afrilu 2022 aka buɗe Jibiya. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum, ranar 30 ga Yuli ECOWAS ta zauna a Abuja ta sa takunkumi, iyaka ta sake rufuwa. Ranar 24 ga Fabrairu 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumin, ranar 13 ga Maris Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗewa, Nijar kuma ba ta buɗe nata gefen ba sai bayan kwana tara. Shafin yanke wutar lantarkin da Najeriya ke ba Nijar, wanda aka yi a farkon Agusta 2023, ya koma jimla ɗaya a bakina. Abu ne babba ga mutanen Maraɗi, amma ba shi ne batunmu ba.

Hirar 'yan kasuwar Maraɗi ta tafi wurin ƙaraminmu, hira ta haɗu da hira. Abin ma ya fi kyau a haka fiye da yadda muka tsara da farko, domin yanzu yana kawo direban Magama, sai ya ajiye ɗan kasuwar Maraɗi kusa da shi, a ji kukan gefe biyu a wuri guda. Shafin da ke kwatanta rufewar farko da ta biyu, wato ɗaya Najeriya ce ta rufe da kanta saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur, ɗaya kuma takunkumin siyasa ne, ya tafi wurin mai kwamfuta ya zama ƙofar shawarwarinsa.

Akwai wani abu da ban taɓa lura da shi ba sai a wannan zaman. Duk wanda ya karɓi kaya dole ya sauke wani. Ni na karɓi kusan minti uku a kan huɗun da nake da su, idan ban rage ba na kai bakwai. Sai na miƙa wa Anti taswirar hanya da bayanin garuruwa, tunda dama buɗewa take yi, ta nuna wurin kafin a shiga magana. Ita kuma ta yanke dogon bayanin ma'anar iyaka da ta kwaso daga littafi, wanda dama ba mai saurara. Jerin kayan da na yi niyyar lissafowa ɗaya bayan ɗaya, dabbobi da wake da dabino masu shigowa, hatsi da kayan masarufi masu fita, na taƙaita shi. Na ji zafin yanke shi, don na sha wahalar haɗa shi, amma haka nan. Lissafi ya tsaya a kan Anti minti biyar, ni biyar da rabi, ƙaraminmu biyar, mai kwamfuta huɗu. Sha tara da rabi. Shi mai kwamfuta da gangan muka bar shi da mafi ƙaranci, don shi zai kwana yana sake jera shafuka. Mutane na son jibga wa wanda ya fi ƙwazo komai, su manta aikin da yake yi wanda ba a gani a gaban aji.

Saura shafi ɗaya, kuma a kansa muka faɗi. Jadawalin canjin sefa da naira ne, wanda ɗan Maraɗi ya tattara daga bakin 'yan canji. A saƙonsa ya faɗa ƙarara cewa idan za a yar da wani shafi a yar da wannan, domin wasu lambobin daga ƙwaƙwalwar 'yan canjin suka fito, ba a rubuce suke ba. Ni na ce a cire. Mai kwamfuta ya ce shi ne shafin da ya fi kyau, ya yi masa zane mai launi, layi yana hawa sama, kuma aiki ba lambobi ai kamar tatsuniya ne. Anti ta goyi bayansa. Na yi shiru, kuma shirun nan laifina ne. Muka bar shi a kashin mai kwamfuta, ba tare da mun tambayi wa zai kare shi ba. Alamar tana nan a fili tun ranar Laraba: da muka yi gwaji na ƙarshe muna jefa wa juna tambayoyi, kowane shafi akwai wanda ke cafke tambayarsa, wannan kuwa da na tambaya sai aka kalli juna aka yi dariya aka wuce.

Ranar Alhamis mun gama a minti 19 da 'yan daƙiƙu. Da na faɗi maganar Afrilu 2022 na ga Malam ya ɗaga kai ya rubuta wani abu. Da aka zo tambayoyi sai ya ce a mayar da allo kan jadawalin nan. Ya ce wannan farashin banki ne ko na kasuwa, kuma na wace rana? Mai kwamfuta ya ce na kasuwa ne, ranka ya daɗe. Ya ce to, kun nuna sefa ta yi tsada bayan an rufe iyaka. A watan Yuni 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta, kafin juyin mulkin Nijar da makonni, ita kuma sefa a ɗaure take da yuro. Ta yaya kuka raba abin da rufe iyaka ya jawo da abin da faɗuwar naira ta jawo? Ajin ya yi tsit. Anti ce ta yi ta maza ta ce, Malam, ba mu raba ba, kuma bai kamata mu nuna shi a matsayin tasirin rufe iyaka ba. Ya ce ya ji daɗi da ba a yi masa kame-kame ba, amma maki biyu sun tafi. Takwas muka samu cikin goma.

Maganar sunansa a bangon rahoto ma sai da aka ɗan ja. Akwai wanda ya ce tunda bai tsaya ba a cire shi, kada a ce mun yi wa Malam rufa-rufa. Na ce hirar Maraɗi wa ya yi ta? Ranakun da na haddace daga littafin wa suka fito? Abin da muka yi shi ne muka bar sunansa, muka ƙara rabin shafi a ƙarshen rahoton da ke faɗin abin da kowa ya yi da abin da kowa ya karɓa bayan tafiyarsa, muka haɗa da hotunan littafinsa muka kai. Malam ya ce makin rahoto na mu biyar ne, na tsayuwa kuma idan ya dawo ya same shi ofis ya yi masa tambayoyi shi kaɗai.

Jiya da daddare ya kira. Jikin Baba da sauƙi, an sallame su, yana sa ran shigowa ranar Lahadi idan ya samu motar 'yan kasuwar Jibiya. Na ba shi labarin jadawalin, ya yi dariya har da tari, ya ce ai na gaya muku. Na ce ka gaya mana, kuma ka shirya, don ina jin ita ce tambayar farko da za ta tarbe ka a ofis. Ku sa mahaifinsa a addu'a, Allah ya ƙara masa lafiya.